Minti Huɗun Da Sabis Ya Ɗauke

Maganar da mutum ya faɗa da bakinsa, cikin na'urar da ya san an kunna amma ya manta da ita, ta wane ne? Tasa ce har yanzu, ko ta zama ta wanda ya ji? Auta ta kwana tana juya wannan tambaya, ba ta sami amsar da za ta hana ta sake juyawa ba. Abin da ta sani kawai shi ne maganar tana cikin kwamfutarta, kuma da hannunta ba za ta fita ba.

Ita da yayanta suna da ɗan ɗakin aiki a saman wani shagon ɗinki. Kyamara biyu, fitila uku, ɗaya sai an dake ta take kamawa, da katifar soso da suka yayyanka suka manna a bango don murya ta daina dawowa. Shirin hira suke yi suna ɗorawa a intanet. Yaya ne ke zama gaban kyamara yana tambaya. Auta ce ke da sauti da haɗa hoto, ita ce kuma ke bin mutane da takardar neman izini, aikin da Yaya ke kira aikin lauyan da bai je makaranta ba.

Wannan karon shirin ya shafe su. A bayan gari akwai wata masana'antar niƙa dutse da aka rufe shekara goma sha biyu da suka wuce. Mahaifinsu ya yi shekara ashirin a ɗakin niƙa, ya fito da tarin da bai bar shi ba sai da ya kai shi kabari. Masu masana'antar sun tsaya a kan magana ɗaya har suka tattara: babu ma'aikacin da ya taɓa kai ƙorafi a rubuce.

Suka rubuta sunan tsofaffin ma'aikata goma sha ɗaya. Huɗu sun rasu. Biyu suka ce a rufa musu asiri. Ɗaya ya yarda, amma numfashinsa ba ya kai shi ƙarshen jimla, Auta ta ce ba za ta zaunar da shi ƙarƙashin fitila yana haki don mutane su ji tausayi ba. Saura huɗu, na huɗun kuwa shi ne Helma, wanda ya shugabanci ɗakin niƙa.

Yaya ya ja layi a kan sunansa. "Wannan ban da shi."

"Shi ne kaɗai ya san abin da ke faruwa a ofis," in ji Auta. "Ka tara masu kuka uku, ba wanda zai ce komai daga ɗaya ɓangaren? Wannan ai zaman makoki ne, ba hira ba."

"Ni in zauna in ce masa ina kwana?"

"Har da ya iyali. Bakinka ba zai tsage ba."

Ta sake rubuta sunan a ƙarƙashin layin da ya ja.

Helma ya koma wani gari mai nisa wajen 'yarsa, malamar makaranta. Sati biyu Auta tana waya da Malama kafin tsohon ya karɓi wayar da kansa. Ya san ko 'ya'yan wane ne su, bai ɓoye ba. Ya ce zai yi magana a kan injuna, da lokutan aiki, da yadda aka rufe wurin. Amma kada a tambaye shi a kan wani ma'aikaci shi kaɗai, kowane ne. Auta ta rubuta wannan sharaɗi a takardar izini, a ƙarƙashin inda aka ce za a yi amfani da abin da ya faɗa cikin hira gaban kyamara, kuma yana da ikon janyewa kafin a saki shirin. Malama ta karanta masa, ya sa hannu, ta ɗauki hoton takardar ta turo.

Tunda ba za su iya zuwa ba, hirar ta kiran bidiyo ce. Auta ba ta yarda da sautin kiran bidiyo, muryar da ke yankewa tana komawa kamar daga cikin gwangwani. Saboda haka ana gobe hira ta kira Malama ta koya mata abin da za ta yi.

"Anti, na'ura biyu za ki haɗa. Kwamfutarki ita ce ta kira, daga nan zan ɗauki hotonsa. Wayarki kuma murya kawai za ta ɗauka. Ki kashe mata layi don kada wani ya kira ya katse. Ki ɗora ta a kan littattafai, kamar taƙi ɗaya daga bakinsa, inda kyamara ba za ta gan ta ba."

"To, injiniya. Sai me?"

"Ki sa masa iyafis a kunne, don kada muryar Yaya ta fito ta shiga cikin tasa. Ɗaki mai labule da gado ya fi falo. Fanka a kashe."

"Ki kashe min tsoho da zafi ke nan."

"Minti arba'in ne, Anti. In mun fara zan ce ya yi tafi ɗaya gaban kyamara, da shi zan daidaita muryar da motsin baki. Abu na ƙarshe, shi ne babba: in kin danna, kada ki tsayar. Ko sabis ya ɗauke, ko mun ɓace, ki bar ta tana tafiya. In ta rabu gida-gida, sai na wuni ina lalube."

Wannan jimlar Auta ta faɗa wa mutane fiye da ashirin a baya. Ba ta taɓa tsayawa ta yi tunanin abin da take nufi ba.

Ranar Talata da hantsi aka yi hirar. Helma ya bayyana a allon kwamfuta, siriri, da farin gemu, igiyar iyafis na lilo a ƙirjinsa. Ya faɗi da bakinsa cewa ya yarda a ɗauka, ya yi tafi, ya ce rabonsa da tafi tun yana yaro. Yaya bai yi dariya ba. Ya gaishe shi gaisuwar da ba ta wuce maƙogwaro ba, ya shiga tambaya. Tsohon ya amsa da natsuwa: injin kaza, awa kaza, takunkumin hanci ana rabawa in an kawo. Komai sumul, babu inda za a kama.

Wajen minti na ashirin da biyu hoton ya daskare, kiran ya yanke. Auta ta bar tata ɗaukar tana tafiya, ta yi ta sake kira. Minti huɗu da 'yan daƙiƙu kafin fuskar tsohon ta dawo. Aka ci gaba daga inda aka tsaya. Da aka gama ta roƙe su su zauna shiru na rabin minti don ta ɗauki shirun ɗakin, wanda take cike gurbi da shi in ta yanka magana. Da rana Malama ta turo muryar zuwa wayar Auta, a matsayin fayil kamar yadda aka ce mata, ba saƙon murya ba, don kada a matse ta ta lalace.

Washegari Auta ta zauna aiki. Ta ɗora tafin kan tafin, baki da murya suka hau daidai. Ta je ƙarshe neman shirun ɗakin, ta tarar wani babur ya ratsa ta tsakiyarsa ya ɓata shi. Sai ta tuna da minti huɗun nan. Ta ce ai ba za a rasa daƙiƙa goma na shiru a ciki ba. Ta ja can, ta danna.

Muryar Malama ta fara ji. "Baba, ga ruwa."

Ƙarar kofi. Sai tsohon, da wata murya daban, wadda ba ta hira ba. "Yaron nan muryar ubansa ya ɗauko. In na rufe ido sai in ce shi ne."

"Sha ruwanka."

"Sau uku ya kawo min takarda a cire shi daga ɗakin niƙa. Ta ukun har da ta likita. A aljihun tebur na zuba. Ba wanda ya iya injin nan kamarsa, in na cire shi aiki ya tsaya, ni za a kira sama. Ban taɓa kai ko ɗaya ba. Ba shi kaɗai ba ne kuma. Su bakwai ne."

"Baba."

"Ranar da za a rufe, ni na kwashe su na ƙona a bayan sito."

"Baba, ya isa. Ga su nan suna kira."

Auta ta cire abin kunnenta ta ajiye. A ƙasa keken ɗinki na ta sukuwa. Ta tuna mahaifinta zaune a bakin gado yana rubutu a kan gwiwa, ita tana ƙarama tana riƙe masa murfin biro, yana tsayawa ya yi tari ya ci gaba. Ashe abin da yake rubutawa ke nan.

Ta yi tunanin ta ɓoye wa Yaya. Ba ta daɗe a kan tunanin ba. Uban nasu ne su biyu. Da ya shigo ta miƙa masa abin kunne.

Ya saurara a tsaye. Da ya gama bai yi ihu ba, kuma wannan ne ya tsorata ta. Ya ja kujera ya zauna kusa da ita.

"Da wannan za mu buɗe," ya ce. "Allo baƙi, muryarsa kawai. Sannan sunan shiri."

"A'a."

Ya dube ta kamar ta yi wani yare.

"Ba ya cikin hira, Yaya. Da 'yarsa yake magana."

"Wa ya danna wayar? Su. Wa ya turo? Su. Sata muka yi?"

"Ni na ce kada su tsayar. Ni. Na ce don sauti ne, suka yarda don sauti ne. Ban ce musu na kafa kunne a ɗakin kwanansu ba."

"Ya sa hannu."

Ta zaro takardar ta ajiye masa. "Karanta abin da ya sa wa hannu. Cikin hira, gaban kyamara. Ina kyamara a nan? Ga sharaɗinsa kuma a ƙasa, da rubutuna."

Yaya ya ture takardar har ta faɗi ƙasa. "Takarda! Ke ma takarda! Mutumin da ya ƙona ta ubanki kike kare wa takarda?"

Maganar ta shige ta. Ta sunkuya ta ɗauko takardar, ta karkaɗe, ta mayar cikin jaka.

"Ba shi nake karewa ba."

"To wa? Akwai gida shida ban da namu da aka ce wa mazansu ba su taɓa yin ƙorafi ba. Shekara goma sha biyu ana ce musu maƙaryata. Ga shaida a hannunki, kin zauna a kai."

Ta gyaɗa kai. "Gaskiyarka ce," ta ce. "Shi ya sa za ka kira shi ka nemi izini."

"Ni?"

"Kai."

"In kira wanda ya kashe Baba in ce don Allah? Wallahi ko a mafarki. Turo min fayil ɗin."

"Ba zan turo ba."

"Auta, da ke nake magana. Ni na goya ki."

"Ka goya ni, na gode. Ba zan turo ba."

"Sai in nemi wani ya haɗa min."

"Nemo. Ka ba shi muryar kira, wadda babu komai a minti huɗun sai ni ina tsaki."

Ta sauya kalmar sirrin kwamfutar a gabansa, ta sa wayarta a jaka, ta sauka. Mai ɗinki ya ɗago ya ce yau kuma me aka yi wa gimbiya, ta wuce shi.

Da yamma ta kira Malama. Ba Yaya ne ya sa ta ba, bai ma sani ba. Ta ga cewa in har ba za ta yi amfani da maganar a ɓoye ba, bai kamata ta riƙe ta a ɓoye ba. Ta faɗa mata duka.

Malama ta fashe. "Ke kika ce kada in tsayar!"

"Ni ce."

"Ashe tarko ne."

"Ba tarko ba ne, Anti, amma ya kama. Laifina ne. Kamata ya yi in ce miki in kira ya yanke ku sani wayar tana ji."

"Goge shi. Yanzu."

"In Baba ya ce a goge, zan goge ki gani da idonki. Ba zan saka ba sai ya yarda. Amma maganarsa ce, ba taki ba, ba tawa ba. Ki faɗa masa. Kuma kada in yi miki ƙarya, na ji, Yaya ya ji, wannan ba ya gogewa."

Malama ta kashe waya ba sallama. Washegari da safe ta turo saƙo gajere. Tsohon ya ce ba zai ba da amsa ta bakin kowa ba. Wanda ya zauna ya yi masa tambayoyi, shi zai yi masa wannan tambayar ma.

Auta ta nuna wa Yaya. Ya karanta ya yi dariyar da ba ta da daɗi. "Ka ji tsoho. Har yanzu shi ne helma. In zo in tsaya a ƙofar ofishinsa kamar Baba."

"Ko ka zo ko kar ka zo, shiri zai fita ranar Asabar kamar yadda muka sanar. Na haɗa shi babu minti huɗun."

Ta kunna masa. Ya kalli Helma yana bayanin takunkumin hanci da muryar nan tasa mai tsabta, wadda Auta ta gyara har ana jin numfashinsa. Ya kai rabi ya ce ta kashe.

Ya tashi ya kunna fitilu, ya daki ta ukun har ta kama, ya zauna a kujerarsa ya maƙala makirfo a wuyan riga. "To ni zan faɗa. Da bakina. In ce ga abin da ya ce. Danna."

Auta ta naɗe hannu. "Ta taga ke nan, tunda ƙofa ta ƙi."

"Danna, Auta."

"Kyamara ga ta nan, ka san inda maɓalli yake. Ni dai ba da yatsana ba. In ka saka kuma, gobe kai za ka bi mutane da takarda, ka ce musu su yarda da mu."

Ya zauna cikin hasken yana huci. Zufa ta fara tsattsafo masa a goshi. Ba ta kawo masa tawul ba kamar yadda ta saba.

"In ya ce a'a fa?" ya ce daga baya. "Shi ke nan? Baba ya rubuta sau uku a banza, mu ma mu yi na huɗu a banza?"

"In ya ce a'a, na goge. Sai mu bi gida shidan nan ɗaya-ɗaya. Wani ya ajiye kwafin tasa, wata ta raka mijinta wajen likita. Yanzu mun san abin da za mu tambaya. Zai ɗauki wata uku, ba kwana uku ba."

"Kin tsara komai."

"Ban tsara komai ba. Jiya ko abinci ban iya ci ba." Ta matso ta tsaya a bayan kyamara, inda take tsayawa kullum. "Amma ni na san ka, Yaya. Ba a'a ɗinsa kake tsoro ba. Kana tsoron ya ce to. Ya ce saka, kuma ka yafe min. Shekara goma sha biyu kana jiran ka kama shi, ba ka taɓa shirya abin da za ka yi in ya miƙo wuya ba."

"Rufe min baki."

"Na rufe."

Keken ɗinki ya tsaya a ƙasa, ya sake tashi. Yaya ya cire makirfon daga wuyansa a hankali, ya naɗe igiyar, ya ajiye a kan tebur. Ya kashe fitilun ɗaya bayan ɗaya.

"Ba zan ce don Allah ba," ya ce.

"Ba wanda ya ce ka ce."

"Ba zan ce na yafe ba."

"Wannan tsakaninku ne."

"Ba ni lambar."

Ta karanto masa. Ya danna, ya sa a amsa-kuwwa, ya ajiye wayar a kan tebur tsakaninsu. Ta yi ƙara huɗu. Malama ta ɗauka, ta ji muryarsa, ba ta gaishe shi ba, ta ce ya jira. Aka ji takun silifa, aka ji ƙofa, aka ji an ce Baba ga shi.

"Ina jin ka," in ji tsohon.

Yaya ya dubi Auta. Ta ɗaga hannayenta biyu ta nuna masa babu komai a cikinsu, ta rufe kwamfutar.

"Baba, ni ne wanda ya yi maka hira ranar Talata. Ka san ɗan wane ne. Wannan kiran ba a ɗaukarsa, babu abin da ke kunne, ƙanwata tana nan tana ji." Ya gyara zama. "Na ji abin da ka faɗa wa 'yarka a kan takardun nan. Ba ni ka faɗa wa ba, na sani. Ina so mutane su ji, gida bakwai suna da hakki a kai. Amma maganarka ce. Shi ne na kira in tambaye ka: ka ba mu izini mu saka, ko ba ka ba mu ba?"